Waya Tana Ganin Waifai Amma Ta Ƙi Shiga: Yadda Ake Goge Tsohuwar Kalmar Sirri

Akwai wata matsala da take kai mutane wajen masu gyaran waya alhali babu abin da ya lalace. Waya tana ganin sunan waifai na gida ko na shago, alamar ƙarfinsa a cike, jiya ma da shi aka kwana ana kallo, amma yau an danna ta ƙi shiga. Sai ta yi ɗan juyi kamar za ta kama, can kuma ta koma ta yi shiru. Mai ita ya kashe ya kunna, ya cire layi ya mayar, ya ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, wani har ya fara tunanin ko wayar ce ta gaji. Sau da yawa abin bai kai nan ba. An canza kalmar sirrin waifai ɗin ne, ita kuwa waya tana nan riƙe da tsohuwar, ita take ta miƙawa ana mayar mata.

Maganin bai wuce minti ɗaya ba: a sa wayar ta manta da wannan waifai gaba ɗaya, sannan a sake shiga kamar yau aka fara ganinsa. Sai dai wannan magani yana da cutar da yake warkarwa, yana kuma da waɗanda ba ya taɓawa. Wanda bai bambanta su ba zai iya goge kalmar sirrin da take daidai, ya rasa wanda zai tambaya, ya koma zaman babu intanet da hannunsa.

Abin da waya take ajiyewa

Ranar da ka fara shiga wani waifai, wayarka ta buɗe masa ɗan shafi a cikinta. A shafin ta rubuta sunan waifai ɗin, da irin tsaron da yake amfani da shi, da kalmar sirrin da ka shigar, da wasu 'yan saituka, kamar ko ta riƙa shiga da kanta idan ta hango shi. Daga ranar ba ta sake tambayarka komai. Duk sanda ta ga wannan sunan a kusa, sai ta ɗauko abin da ke shafin ta miƙa. Haka laftof ma take yi, da talabijin mai intanet, da firinta, da kyamarar tsaro.

Abin lura shi ne, da suna waya take gane waifai. Idan mai gida ya shiga cikin rawuta ya canza kalmar sirri ya bar sunan yadda yake, a wajen waya babu abin da ya sauya. Ƙofar ita ce dai, kwaɗon ne aka canza, ita kuwa tana tsaye da tsohon makulli tana murɗawa.

Wani zai ce, to me ya hana rawuta ta faɗa wa waya cewa kalmar ta tsufa? Dalilin yana cikin yadda aka gina tsaron. A tsarin WPA2, wanda ya fito a 2004 kuma har yau shi ne a kan akasarin rawutocin gidaje, kalmar sirri ba ta bin iska ko sau ɗaya. Waya tana haɗa kalmar da sunan waifai ta yi lissafi, ta fitar da wani dogon makulli. Rawuta ma tana yin wannan lissafin a ɓangarenta. Daga nan sai su yi musayar saƙo huɗu. Rawuta ta aiko da wata lamba da ta ƙirƙira a take, waya ta amsa da saƙon da ta buga wa hatimi da nata makullin, rawuta ta duba ko hatimin ya yi daidai da abin da nata lissafin ya bayar. Idan bai yi ba, sai ta watsar da saƙon, ta sake gwadawa, daga baya ta yanke hulɗar. Ba ta da hanyar sanin ko tsohuwar kalma aka kawo mata, ko kuskuren rubutu ne, ko ɓarawon data ne yake lalube. Ita ma wayar abin da ta gani kawai shi ne an fara magana ba a ƙarasa ba, sai ta yi hasashen dalili.

Wannan ne ya sa saƙon da ke fitowa a allo ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Wayoyin Android kan rubuta `Authentication problem` ko `Check password and try again`, wasu kuma su tsaya a kan `Saved` kawai, ba gaba ba baya. iPhone kan ce `Incorrect password` ko `Unable to join the network`. Windows kuwa abin da ya fi yawan faɗa shi ne `Can't connect to this network`, ba tare da wani ƙarin bayani ba. Wasu na'urorin, musamman sababbi, da kansu suke buɗe gurbin rubuta sabuwar kalma idan sun gwada tsohuwar ta ƙi. Idan taka ta yi haka, ka rubuta kawai, ba sai ka goge komai ba. Mantawa ana yin ta ne ga na'urar da ta ƙi tambaya, ko wadda aka ba ta sabuwar kalma amma ta ci gaba da ƙi.

Akwai kuma wani abu da wannan bayani ya fito da shi. Tunda waya hasashe take yi, rauni na sigina ma yana iya sa ta ce kalmar sirri ba daidai ba ce, domin saƙonnin nan huɗu sun ɓace a hanya. Saboda haka kafin ka yanke hukunci, ka matsa kusa da rawutar ka sake gwadawa. Wanda ke zaune a zaure yana neman waifai ɗin da ke uwar ɗaka, bango uku a tsakani, bai kamata ya fara da goge komai ba.

Wani shago da na'urori huɗu

Mu ɗauki misalin shagon buga takardu da hoton fasfo, irin waɗanda suke cika bakin makarantu da sakatariya. Mai shagon yana da ƙaramar na'urar waifai ta aljihu, wadda aka fi sani da maifai, ya sa mata suna `SHAGO_4G`. Na'urori huɗu ke amfani da ita: wayarsa Tecno, laftof ɗin da yaron shago ke aiki da ita mai Windows 11, firinta mai waifai, da iPhone ta ƙaninsa da yake leƙowa da yamma. Kwanan nan data ta fara ƙarewa tun wata bai raba ba. Da ya duba jerin waɗanda ke kan maifai ɗin sai ya tarar da wayoyin da bai sani ba, domin kalmar sirrin ta zaga layin gaba ɗaya, daga mai shayi har masu cajin waya.

Ya buɗe burauza a wayarsa, ya rubuta adireshin da ke jikin na'urar. A maifai na Huawei yawanci `192.168.8.1` ne, a wasu kuma `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`. Ya shiga, ya canza kalmar sirri, ya danna ajiyewa. Nan take wayar tasa ta faɗo daga kan waifai ɗin. Wannan ba alamar ɓarna ba ce, haka ya kamata ya faru, domin wayar da aka yi canjin da ita ma tsohuwar kalmar ce a shafinta. Mutane da yawa a nan suke tsorata su ɗauka sun lalata na'urar.

A Tecno ɗin sai ya shiga `Settings`, ya buɗe `Wi-Fi`, ya ga `SHAGO_4G` da `Saved` a ƙarƙashinsa. Ya danna sunan ya riƙe, ko kuma ya taɓa 'yar alamar da ke gefensa, sai zaɓin `Forget` ya bayyana. Yana dannawa sunan ya sauka cikin jerin baƙin waifai. Ya sake taɓa shi, wayar ta nemi kalmar sirri, ya rubuta sabuwar, ta shiga. Wayoyin Infinix da itel kusan haka suke. A Samsung ana bi ta `Settings`, sai `Connections`, sai `Wi-Fi`, a taɓa alamar saiti da ke gefen sunan, `Forget` yana ƙasan allo. A wasu wayoyin Android ɗin hanyar ita ce `Network & internet` sannan `Internet`. Sunayen ɗakunan ne suke ɗan bambanta, abin da ake nema ɗaya ne.

Can sai yaron shago ya ɗago kai daga laftof.

"Oga, ni fa ta ƙi. Ba ta ma tambaye ni komai ba."

"Me ta rubuta maka?"

"Wai ba za ta iya haɗuwa da wannan netwok ɗin ba."

Wannan halin Windows ne da ya fi wahalar da mutane. Ana danna `Connect` sai ya gwada abin da ya ajiye, ya kasa, ya ba da haƙuri, ba lallai ya buɗe gurbin sabuwar kalma ba. Hanya mafi sauri ita ce a buɗe jerin waifai daga ƙasan allo ta dama, a kai kibiya kan sunan, a danna maɓallin dama na linzami, a zaɓi `Forget`. Doguwar hanyar kuma ta `Settings` ce, sai `Network & internet`, sai `Wi-Fi`, sai `Manage known networks`. A can za a ga duk waifai ɗin da laftof ta taɓa shiga, har waɗanda ba sa kusa.

Ga wanda yake son ya tabbatar kafin ya goge, Windows yana da hanyar nuna ainihin abin da ya ajiye. A buɗe `Command Prompt` da izinin mai kula da kwamfuta, a rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
netsh wlan show profiles
netsh wlan show profile name="SHAGO_4G" key=clear
netsh wlan delete profile name="SHAGO_4G"
```

Layi na farko yana jero sunayen da ke ajiye. Na biyu yana buɗe shafin `SHAGO_4G`, kuma a gaban `Key Content` za a ga kalmar sirrin da laftof take miƙawa. Idan ita ce tsohuwar, magana ta ƙare, an kama cutar da ido. Layi na uku shi ne yake gogewa. A ganina layi na biyu ya fi sauran amfani, domin shi ne yake raba zato da tabbas. Idan ka duba ka ga kalmar da ke ajiye daidai take da ta yanzu, to ka san matsalar tana wani wuri, ba sai ka ɓata lokaci a nan ba.

Yaron ya goge, ya sake danna sunan, aka tambaye shi kalma, ya rubuta. Ta sake ƙi. A nan ne mutum yake cewa maganin bai yi ba, alhali ya yi, sabon kuskure ne ya shigo. Kalmar sirrin waifai tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Mai shagon ya fara tasa da babban baƙi, yaron kuwa da baki aka faɗa masa, ya rubuta duka da ƙanana. Akwai 'yar alama mai kamar ido a gefen gurbin rubutun, wadda take nuna abin da ake rubutawa maimakon ɗige-ɗige. A riƙa danna ta. Sifili da baƙin O suna ruɗa mutane, haka lamba 1 da ƙaramin baƙin l. Ga wata ƙa'ida kuma mai sauƙin riƙewa: a tsarin WPA2 kalmar sirri ba ta gaza baƙi 8, ba ta wuce 63. Idan wani ya ba ka mai baƙi shida ya ce ita ce ta waifai, ko dai ya manta wani yanki, ko kuma wata kalmar daban ya ba ka.

Wata kalmar daban ɗin nan tana da muhimmanci. Kowace rawuta tana da kalmomin sirri biyu. Ɗaya ta shiga waifai ce, ɗaya kuma ta shiga shafin saitin rawutar ce, wadda sau da yawa take zuwa a matsayin `admin` daga kamfani. Ana yawan cakuɗa su. Haka kuma kalmar da aka buga a takardar da ke manne a bayan rawuta, ko a ƙarƙashin batirin maifai, tana aiki ne kawai idan ba a taɓa canza ta ba, ko kuma idan an mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani. Akasin haka ma yana faruwa: wani ya soka tsinke a ramin `Reset` na rawuta don tana masa nauyi, kalmar sirri ta koma ta jikin takarda, duk na'urorin gidan su rasa hanya.

Da yamma ƙanin ya zo da iPhone. Shi nasa ta `Settings` ne, sai `Wi-Fi`, a taɓa alamar `i` da ke gefen sunan, a zaɓi `Forget This Network`, a tabbatar. Tun daga iOS 16 da ya fito a 2022, akwai `Edit` a saman wannan shafin, wanda yake nuna duk waifai ɗin da wayar ta sani ko da ba sa kusa, kuma ana iya ganin kalmar da aka ajiye bayan wayar ta tantance fuska ko yatsa. Masu kayan Apple su san abu guda: idan `iCloud Keychain` yana kunne, kalmomin waifai suna yawo tsakanin iPhone da iPad da Mac na mutum ɗaya. Gogewa a ɗaya tana cire shi daga sauran, sabuwar kalmar ma idan an shigar za ta bi su. A Mac ana samun zaɓin a `System Settings`, sai `Wi-Fi`, sai `Details`.

Saura firinta, wadda kowa ya manta da ita sai washegari da aka tura aiki ya ƙi fita. Ita ma tana da nata shafin. Dole a shiga saitin waifai a ɗan allonta a sake haɗa ta, kuma galibi ita ce ta fi cin lokaci. Duk wanda zai canza kalmar sirri ya fara ƙirga na'urorin da ke kan waifai ɗinsa, har da talabijin da kyamara, don kada a wayi gari kyamarar tsaro ta yi mako ba ta aika komai ba.

Da mai shagon ya canza sunan waifai ɗin tare da kalmar, ya mayar da shi `SHAGO_SABO` misali, da babu na'urar da za ta tsaya murɗa tsohon makulli. Kowace za ta ga baƙon suna ta nemi kalma da kanta. Wannan ce shawarar da nake ba duk wanda yake da na'urori da yawa ko mutanen gida da ba su saba da shiga saiti ba. Dabarar tana aiki ta ɗaya gefen ma. Wanda ya sayi sabuwar rawuta, idan ya sa mata suna da kalma da irin tsaro daidai da na tsohuwar, na'urorin gidan za su hau da kansu ba tare da an taɓa ko ɗaya ba.

Inda babu wanda ya canza komai

Akwai lokutan da kowa zai rantse bai taɓa kalmar sirri ba, kuma gaskiya suka faɗa, amma cutar ita ce dai. Wanda ya fi yawa a wajenmu shi ne na hotsifot. Wayoyi da dama suna ba hotsifot ɗinsu sunan samfurin wayar tun daga kamfani. Idan ka taɓa jan data daga wayar abokinka, sannan yau ka zo za ka ja daga wayar 'yar'uwarka mai irin samfurin, suna ɗaya wayarka za ta gani, sai ta miƙa kalmar abokin naka. Mantawa tana gyara wannan nan take, amma gobe idan ka koma wajen abokin za ka sake yin ta. Gyaran dindindin shi ne ɗayansu ya canza sunan hotsifot ɗinsa.

Na biyu shi ne canjin irin tsaro. An sabunta rawuta, ko an sauya ta da wata, aka bar suna da kalma amma tsaron ya tashi daga WPA2 ya koma WPA3, wanda aka fitar a 2018. Shafin da ke cikin na'urarka yana ɗauke da tsohon tsarin, wasu na'urorin kuwa ba sa yarda su shiga idan abin da suka tarar ya saɓa da abin da suka rubuta. Gogewa tana sa su karanta sabon tsarin daga farko. Iyakar abin a nan ita ce tsohuwar na'urar da ba ta san WPA3 ba sam. Ita ko sau nawa aka goge ba za ta shiga ba, sai an saita rawutar ta karɓi tsarin biyu tare.

Na uku ya shafi sabuwar waya. Idan ka dawo da kayanka daga asusun Google ko iCloud, tsofaffin shafukan waifai kan biyo. Waya sabuwa fil tana iya ɗauke da kalmar da aka daina amfani da ita tun bara.

Na huɗu ya fi su nauyi, shi ne waifai na jami'a ko na ma'aikata, inda kowa yake shiga da sunansa da kalmarsa ta kansa, kamar tsarin eduroam da jami'o'i da yawa a duniya suke amfani da shi. Kalmar a nan sau da yawa ita ce ta imel ɗin aiki ko ta shafin ɗalibai. Ranar da ka canza ta a can, wayarka da laftof ɗinka za su ci gaba da aika tsohuwar duk sanda suka hango waifai ɗin. Wurare da dama suna rufe asusu idan aka yi ta shigar da kalmar da ba daidai ba. Sai ma'aikaci ya je a buɗe masa, bai kai ofishinsa ba an sake rufewa, domin wayar da ke aljihunsa ba ta daina gwadawa ba. A irin wannan wuri, da zarar ka canza kalma ka bi duk na'urorinka ka goge tsohon shafin. Idan kuma ka duba ba ka ga zaɓin mantawa ba, mai yiwuwa ma'aikatar ce ta dasa saitin a na'urar, sai ka nemi masu kula da kwamfutocin wurin.

Abin da mantawa ba ta gyarawa

A karanta abin da allo ya rubuta da kyau. Idan ya ce `Connected, no internet`, ko `No internet, secured` a Windows, to kalmar sirri ta riga ta wuce, an shiga. Matsalar tana tsakanin rawuta da kamfanin sadarwa: data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko layin da ke cikin maifai ya goce. Goge waifai a nan ba ya ƙara komai. Idan kuma sunan bai fito a jerin ba kwata-kwata, ko dai rawutar a kashe take, ko ta yi nisa, ko tana watsawa a zangon 5 GHz wanda wasu ƙananan wayoyi ba sa gani, sai na 2.4 GHz. Idan waya ta tsaya a kan `Obtaining IP address`, a fara da kashe rawutar a kunna. Maifai kuma tana da adadin na'urorin da take ɗauka, idan ta cika ba ta karɓar ƙari ko da kalma daidai ce. Haka idan mai rawutar ya toshe wayarka daga cikin saitinsa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗauko wata na'urar da ba ta taɓa shiga wannan waifai ba, a rubuta mata kalmar. Idan ta shiga taka ta ƙi, shafin da ke cikin taka ne ya tsufa, ka goge shi da ƙarfin gwiwa. Idan ita ma ta ƙi, ko dai kalmar da ke hannunka ba daidai ba ce, ko kuma laifin na rawuta ne.

Akwai wani ɗan haɗari da ba kowa ya sani ba. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna nuna wa kowane waifai wata lambar shaida ta daban maimakon ta ainihin na'urar, don kada a riƙa bin sawun mutum. A wasu wayoyin, musamman iPhone, mantawa da waifai tana iya sa wayar ta dawo da sabuwar lamba. A gida wannan ba komai ba ne. Amma a ofis ko masauki inda aka yi wa wayarka rajista da waccan lambar, za a iya ɗaukar ta baƙuwa, sai an sake yi mata rajista.

Ina kuma jan hankali game da `Reset network settings`, wanda wasu masu gyara suke saurin dannawa. Shi ba waifai ɗaya yake gogewa ba, duka yake sharewa, na gida da na ofis da na gidan surukai, a Android har da na'urorin bulutut da aka haɗa. A ajiye shi sai an gwada komai ya ƙi.

Baya ga gyara, yana da kyau mutum ya riƙa leƙa jerin waifai ɗin da ke ajiye a wayarsa lokaci zuwa lokaci, ya cire na otal da filin jirgi da wuraren taro, musamman waɗanda ba su da kalmar sirri. Tunda da suna waya take ganewa, duk wanda ya kunna waifai marar kalma mai irin wancan sunan zai iya jan wayarka ta hau ba tare da ka sani ba. A Android jerin yana ƙarƙashin `Saved networks`, a Samsung kuma `Manage networks`.

Sharaɗin da ya fi kowane shi ne kada ka danna `Forget` sai sabuwar kalmar tana hannunka, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Idan akwai wata wayar a gidan da take kan waifai ɗin, ba sai an yi ta karanto baƙaƙe da baki ba. A Android 10 zuwa sama, a buɗe bayanan waifai ɗin a danna `Share` ko `QR code`, wani hoto mai murabba'i zai fito, ɗaya wayar ta haska shi da kyamara ta shiga ba tare da an rubuta ko baƙi ɗaya ba. Idan kuwa waifai ɗin na maƙwabci ne ko na wurin aiki, ka fara tambayar mai shi ko ya canza kalma, ka karɓi sabuwar a rubuce, sannan ka goge tsohuwar.